Awa 5 da minti 40 a hannuna, amarya na son minti 4: daga ina ake fara yanka?

Sani_Agege_Hoto: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu a harkar nan. Ni asalina mai hoto ne, ban daɗe da shiga bidiyo ba. Na ɗauki wani biki ƙarshen makon da ya wuce: kamu ranar Juma'a da yamma a Agege, ɗaurin aure Asabar da safe a masallacin unguwa, dina da daddare a wani hol a Ikeja, sai kai amarya Idi-Araba ranar Lahadi. Kyamara biyu ne, ga kuma wasu guntaye da ƙannen ango suka turo daga wayoyinsu. Duka ya tashi awa 5 da minti 40. Dogon bidiyon na gama shi. Gajeren ne ya tsaya mini a wuya, don amarya minti 4 take so, wanda za ta tura wa dangi Kano da Zariya, ta kuma sa a Instagram. Na yi ta ragewa har na sauko minti 19, daga nan duk abin da na taɓa sai in ga ba ya ciruwa. Da maiɗakina ta kalla cewa ta yi ba kai ba gindi, ya fara haka kawai ya ƙare haka kawai. Yaya kuke yi?

Dan_Mile12: Wa alaikumus salam. Wannan ai mai sauƙi ne. Ka sauke HandBrake ka matse shi, zai koma ƙarami ya shiga WhatsApp lafiya lau. Ni haka nake yi wa na walimar makarantarmu.

Sani_Agege_Hoto: Na gode ɗan'uwa, amma ba nauyin fayil nake nufi ba, tsawon bidiyon ne.

Dan_Mile12: Au, to na fahimta. Bari manya su zo.

Kabiru_SharpCut: Oga Sani kana wahalar da kanka. Nemi waƙa mai minti 4, ka jefa ta a taimlain, duk inda ganga ta buga ka yanka. Ka zuba masu kyau masu kyau, ka sa musu tafiyar hawainiya, shi ke nan. A CapCut awa biyu ya ishe ka. Ni haka nake yi kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da aiki.

Malam_Isa_Edita: Malam Sani, inda ka maƙale sananne ne. Muddin kana zaune a gaban dogon kana tambayar kanka "me zan cire", ba za ka sauko ƙasa da minti 15 ba, domin kowane hoto yana da dalilin zamansa. Ka rufe wancan aikin, ka buɗe sabon taimlain wanda babu komai a kai, tambayar ta koma "me zan ɗauko". Kuma abu biyu za ka fara ɗaukowa tun kafin ka nemi waƙa: jimlar da za ta buɗe, da abin da zai rufe.

A bikin Hausa ba sai ka sha wahalar neman mabuɗi ba. Bayan wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, an shafa Fatiha, akwai wanda yake miƙewa ya ɗaga murya ya ce an ɗaura auren wane da wance. Wannan sanarwar ba ta wuce sakan 12 zuwa 15, amma a cikinta mai kallo ya ji abin da ya faru da kuma sunan waɗanda abin ya shafa. Ka ɗauki muryar ka sa ta a sakan na farko, ko da a tsarin kwanaki kamu ne ya riga ta. Ba dole a ga fuskar mai sanarwar ba. Muryarsa na tafiya, kai kuma kana nuna hannun amarya da lalle, ango yana gyara hula, takalman mutane a ƙofar masallaci. Yana kai ƙarshe, jama'a suka amsa, sai waƙa ta shigo.

Rufewa kuma ka nemi abin da shi kansa ƙarewa ne. Rawa ba ta ƙarewa, yanke ta ake yi, shi ya sa maiɗakinka ta ji bidiyon ya tsaya haka kawai. Kai amarya yana ƙarewa: an yi mata nasiha, an fito da ita a lulluɓe, an rufe ƙofar mota, mota ta tashi. In ka kafa waɗannan biyun, abin da ya rage cike tsakiya ne.

Anti_Rabi_Events: Malam Isa ya faɗi gaskiya a kan kai amarya. Ni harkar shirya biki nake yi, kuma duk bidiyon da na ga iyaye mata sun sake kunnawa, wurin nasihar nan suke komawa, ba wurin yanka kek ba.

Kabiru_SharpCut: Malam Isa da girmamawa, wannan salon na masu kallo a talabijin ne. A Instagram in sakan uku na farko muryar wani dattijo ce a lasifika, an wuce ka. Shigowar amarya hol, hayaƙi na tashi, fitilu na walƙiya, da shi ake buɗewa.

Malam_Isa_Edita: Kabiru, kana da rabin gaskiya, amma bidiyo biyu kake haɗawa wuri ɗaya. Wanda za a tura wa kawu a Zariya ba zai wuce ba, shi ya nemi a turo masa. Na Instagram kuwa daban ake yankawa, sakan 45 zuwa minti 1, a tsaye, kuma a can na yarda a buɗe da shigowar amarya. Sai an gama mai minti 4 ake ciro shi daga ciki.

Malam Sani, ga yadda zan raba in ni ne. Minti 4 sakan 240 ne. Buɗewa da sanarwa sakan 20, kamu 45, ɗaurin aure da gaisawar maza 40, dina 80, kai amarya 40, sunaye da kwanan wata a ƙarshe 15. Ka rubuta wannan a takarda ka ajiye kusa da kai. In kowane hoto zai zauna sakan 3 zuwa 4, duk bidiyon hoto 60 zuwa 80 ne kacal. Dina da ka ɗauka na kusan awa biyu, hoto ashirin da 'yan kai zai samu. Da zarar ka san haka, tausayin hotuna zai fita daga ranka.

Sani_Agege_Hoto: Hoto ashirin daga dina gaba ɗaya? Liƙi kaɗai ya fi minti 30 fa.

Malam_Isa_Edita: Liƙi hoto uku ya ishe shi: hannu yana watsa kuɗi a kusa, fuskar amarya tana dariya, sai mai faɗi da ya nuna cikar fili. Wanda yake son ya ga kansa yana liƙi, dogon na nan.

Wajen zaɓe kuma kada ka yanka komai a zagayen farko. Kallo kawai za ka yi da sauri. A Premiere ko DaVinci Resolve, `L` tafiya gaba ne, in ka sake danna shi gudun ya ƙaru, `K` tsayawa, `J` komawa baya, `M` kuma alama. A ninki biyu, awa 5 da minti 40 zai ɗauke ka awa 2 da minti 50. Alama kala biyu nake sawa, ɗaya ta magana mai kyau, ɗaya ta hoto mai kyau. In ka gama, ka kwaso masu alama kaɗai, za su tashi wajen minti 25. Daga nan sai ka jera maganganun su kaɗai, ba hoto ba waƙa: sanarwa, jimla ɗaya daga mahaifin amarya ko babban abokin ango, nasiha, addu'a. Duka kada su wuce minti ɗaya da 'yan sakanni. Ka rufe ido ka saurara. In kunne kaɗai ya gane an fara, an yi tsakiya, an gama, to hoto ba zai ba ka wahala ba. In bai gane ba, ko wane irin hoto ka zuba a kai ba zai gyaru ba.

Ummu_Haidar: Ni ba edita ba ce, amma ina da magana a kan sanarwar nan. Ai a ciki ake faɗin sadaki, a ce a kan sadaki naira kaza lakadan ba ajalan ba. A masallaci a gaban shaidu daidai ne. Amma a sa a Instagram kowa da kowa ya ji? A bikin ƙanwata mai bidiyo ya bar shi, sai da aka yi mako ana tsegumi a guruf ɗin dangi, wasu su ce ya yi kaɗan wasu su ce an yi fariya. Don Allah a riƙa tambaya.

Alhaji_Obalende: Hajiya, me za a ɓoye a sadaki? Abu ne da aka shelanta a bainar jama'a. Mu a zamaninmu kaset ɗin biki da shi ake farawa.

Ummu_Haidar: Alhaji, kaset a falo ake kallonsa, mutum goma. Wannan kuwa har wanda bai san ango ba zai tofa albarkacin bakinsa.

Sani_Agege_Hoto: Na duba, sanarwar tana nan a kyamara ta biyu, sakan 17 ce, kuma tabbas ya faɗi sadakin a tsakiya. Na tambayi amarya ta ce a cire. To in na yanke tsakiyar jimla ba za a ji ba? Sannan ga ƙarar janareto a ƙasan muryar, don ba wuta a lokacin.

Malam_Isa_Edita: Ido ne yake fara kama yanka. In fuskar mai magana na kan allo ka cire tsakiya, kansa zai yi tsalle. Tunda dama hotunan lalle da hula za ka ɗora a kai, wannan ta kau. Kunne kuma, ka yanka a inda ya ja numfashi, kada ka yanka a cikin kalma. Ka faɗaɗa zanen sautin za ka ga ɗan kwarin da ke tsakanin sunan amarya da "a kan sadaki", nan ne wurin. Sai ka haɗa bakin biyu da gajeriyar narkewar sauti ta firem 2 zuwa 4, a Premiere `Constant Power` ake kiranta, don kada a ji ƙas. Abu ɗaya za ka lura da shi: muryar mutum tana sauka in zai rufe jimla. In ɓangaren da ka bari ya ƙare murya na sama, za a ji kamar an toshe masa baki. Saboda haka ka bar ainihin ƙarshen maganarsa, inda yake cewa Allah ya ba da zaman lafiya, jama'a su ce amin.

Janareto kuwa, ka sa `Highpass` wajen 80 zuwa 100 Hz, zai rage gurnanin ƙasa. Mai cire hayaniya ka sa shi kaɗan. In ka cika masa hannu mutumin zai koma kamar mai magana a cikin randa, kuma wannan ya fi ƙarar janareto muni. Mutanen Legas sun saba da jin janareto, ba wanda zai tsaya a kansa in dai kalmomin sun fito.

Ustaz_IdiAraba: Ina so in ja hankali a kan abu ɗaya. Na sha ganin an ɗora kiɗa a ƙarƙashin Fatiha ko addu'ar liman, wai don ya yi daɗi. Wannan bai dace ba. In za a sa addu'a a bar ta ita kaɗai.

Malam_Isa_Edita: Na goyi bayan Ustaz, kuma ko ta fuskar aiki ya fi kyau. Minti 4 na kiɗa ba hutu yana gajiyar da kunne. In waƙa ta sauka gaba ɗaya aka ji addu'a da amin ɗin jama'a, dawowarta sai ta fi armashi.

Kabiru_SharpCut: To in ka kashe waƙa a tsakiya ai lissafin bugun ya rikice.

Malam_Isa_Edita: Ba ya rikicewa, don ba dole kowane yanka ya faɗa kan ganga ba. A rawar kamu da ta dina, nan ne yanka kan bugu yake da daɗi, kuma shawararka ta yi a nan. A ɗaurin aure da kai amarya magana ce take jan hoto.

Tunda an zo kan waƙa, Malam Sani, ga abin da yake sa ƙarshe ya zama ƙarshe. Kada ka bar waƙa tana tsakiyar baiti ka ja sautinta ƙasa. Ka je ainihin inda mawaƙin ya rufe, ka ɗora wannan wurin daidai kan tashin mota ko fitowar sunaye, sannan ka lissafo baya. In waƙar ta fi tsawo, baiti ɗaya ko amshi ɗaya za ka cire daga tsakiya, ka haɗa bugu da bugu, ka ɓoye mahaɗar a ƙarƙashin guɗa ko tafi. Kuma in an yi wa ma'auratan waƙarsu ta musamman mai sunayensu, ita ta fi. Waƙar da ke kasuwa Instagram na iya kashe mata sauti, YouTube kuma ya ɗora mata da'awar haƙƙin mallaka.

Zainab_Media: Ni taruka na fi yi, na ƙungiyoyi da na 'yan kasuwa, kuma tsarin kusan ɗaya ne sai dai haɗarin ya bambanta. A taro ba na buɗewa da jawabin maraba, don minti biyar na farko gaishe-gaishen manyan baƙi ne. Jimla mafi nauyi da wani ya faɗa nake ɗaukowa, in rufe da matsayar da aka cimma ko ranar zama na gaba. Amma yanke tsakiyar jimla da Malam Isa ya koyar, a taro a yi hattara da shi. Akwai wani taron 'yan kasuwa da shugabansu ya ce ba za su yarda da ƙarin kuɗin shago ba sai an gyara magudanar ruwa. Yaron da ya yi gajeren bidiyon ya tsaya a "ba za mu yarda ba", don ya fi zafi. Bidiyo ya zaga, aka ce shugaba ya ja daga, alhali sharaɗi ya gindaya. Duk jimlar da ke da "amma" ko "sai dai" ko "sai an", ko ka ɗauke ta duka ko ka bar ta duka.

Dan_Mile12: Wannan ya faru a kasuwarmu ma, ko dai shi ne?

Zainab_Media: Ba zan faɗi wuri ba, ɗan'uwa.

Anti_Rabi_Events: Mu koma kan bikin Sani. Akwai abin da lissafin sakan ba zai gaya maka ba. Kafin ka rufe aiki ka ce amarya da ango kowa ya ba ka sunan mutum biyar da dole a gan su, su turo maka hotonsu don ka gane su. Gwaggon da ta taso daga Kano a mota ta kwana a hanya, in ba ta ga fuskarta ba, kai za a zaga, ba amarya ba. Sakan biyu-biyu ya ishe su, mutum goma sakan 20 ke nan, kuma a cikin gaisawa da hoton dangi za su shige. Na biyu, kamu taron mata ne. Akwai matan aure da suka ajiye mayafi suka taka rawa don sun san ba maza. Wanda zai tafi Instagram, sai amarya ta duba shi hoto bayan hoto tukuna.

Ummu_Haidar: Allah ya saka da alheri Anti Rabi. Wannan ta biyun saura ƙiris ta kashe aure a wani gida da na sani.

Sani_Agege_Hoto: Na ɗauka duka. Wata matsalar: nasihar da gwaggon amarya ta yi a ɗaki, ban shiga ba, ƙanwar ango ce ta ɗauka da waya, minti 11. Da na sa a taimlain, farko baki da murya sun dace, can gaba sai murya ta riga baki.

Bash_ComputerVillage: Wannan ba laifin manhajarka ba ne. Waya ba ta riƙe adadin firem ɗaya, in haske ya ragu ko ta yi zafi sai ta sauya, shi ya sa sauti yake zamewa a dogon fayil. Ka maida shi tsayayye kafin ka shigar. In aikinka a firem 25 a sakan yake:

```
ffmpeg -i nasiha.mp4 -vf fps=25 -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac nasiha25.mp4
```

Ko a HandBrake ɗin da Dan_Mile12 ya ambata, ka zaɓi 25 ka danna `Constant Framerate`. Ka ga shawararsa ma ta yi rana.

Malam_Isa_Edita: Daidai ne. Ko da yake daga minti 11 ɗin nan jimla biyu kawai kake bukata, kuma mafi yawanta hoton fitowa da amarya ne zai rufe ta. Ka bar muryar gwaggo ta fara shigowa tun hoton dina na ƙarshe bai fita ba, da kamar sakan ɗaya. Kunne ya riga ido shiga ɗakin, mai kallo ba zai ji an fizge shi daga hol zuwa gida ba.

Kabiru_SharpCut: Na Instagram ɗin dai a tuna, in a 1080 ka ɗauka a kwance, ka yanko tsaye, faɗin da zai rage maka wajen 608 ne kawai daga 1920. Hoton dangi na mutum goma sha biyu ba zai shiga ba, mutum uku za a gani. Sai dai ka zaɓi na kusa-kusa.

Malam_Isa_Edita: Wannan gaskiya ne, shi ya sa mutum goman Anti Rabi a mai minti 4 za su zauna.

Sani_Agege_Hoto: Ga inda aka kwana. Na bi tsarin, ya tsaya a minti 4 da sakan 35. Ya buɗe da sanarwa, ya rufe da tashin mota, sunaye suka fito kan ƙarshen waƙa. Na tura wa amarya ta `Document` a WhatsApp don kada ya dushe. Ta ce ya yi, har ta nuna wa mahaifiyarta. Sai dai ango ya kira ni yanzu, wai shigowar abokansa hol ba ta fito sosai ba, yana son a ƙara, kuma shi a ganinsa da rawar su biyu ya kamata a rufe, kukan amarya a ƙarshe yana sa abin ya yi nauyi.

Kabiru_SharpCut: Ango ya fi ku gaskiya. Biki farin ciki ne, a rufe da rawa.

Anti_Rabi_Events: Wa ya biya kuɗin aikin, ɓangaren ango ko na amarya?

Sani_Agege_Hoto: Yayan amarya ne ya biya.

Malam_Isa_Edita: Abokan ango ka ba su sakan 6, ka ciro daga yanka kek. Rufewa kuwa ni ba zan taɓa ta ba a mai tsawon. Ka ba shi rawar a ƙarshen na Instagram, amma ka nemi inda suka tsaya da kansu aka yi tafi, kada ka katse su suna tsakiyar juyi.

Ummu_Haidar: Ni dai in an cire nasihar gwaggo ban ga abin da za a tura Zariya ba.

Sani_Agege_Hoto: Bari in yanka na Instagram ɗin in tura masa da daddare, in ji ko zai haƙura. Sakan 35 ɗin da suka hau kai fa, Malam Isa, in bar su ko in matse?

Malam_Isa_Edita: Ka sake kallon dina, ina zargin a can suke. In ka ga hoto biyu a jere suna nuna abu ɗaya, cire na biyun.